Hawan jini ya kai 180/120: wace kalma za ta raba "ojansi" da "imajansi"?

Rabi: Salamu alaikum. Ina rubuta 'yar takardar wayar da kai ga masu awon jini a gida, na maƙale a wuri ɗaya. Likitoci suna raba hawan jinin da ya kai 180/120 gida biyu, ojansi da imajansi, ni kuwa duk inda na juya "gaggawa" nake samu. In na ce "na gaggawa" da "na gaggawa sosai" ai ban faɗi komai ba. A taimaka.

Malam Sule: Wa alaikumus salam. A bi lamba kawai, Malama. Daga 180 "mai tsanani", ya haura 200 "mai hatsari".

Dakta Binta: Malam, "mai tsanani" ɗinka ta yi, amma ba lamba ke raba su ba. Abin tambaya shi ne: a yanzu ɗin nan, jinin ya fara yi wa ƙwaƙwalwa, zuciya, ƙoda, ido ko babbar jijiyar jini lahani? In ya fara, imajansi ne. In bai fara ba, ojansi.

Ga dattijuwa, maganinta na amlodifin ya ƙare kwana goma. An auna, 206/122. Tana hira, tana tafiya, ba abin da ke mata ciwo. Ta zauna minti 5 ta jingina, a ɗora hannu daidai ƙirji a sake aunawa. Ya dawo 192/116. Wannan a nemi likita a ranar, a mayar da ita kan ƙwayoyinta, jinin ya sauka a hankali cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ga kuma wani da 184/112, ƙasa da nata, amma bakinsa ya karkace, kofi na suɓuce masa. Shi ba a jira awo na biyu, mota ake nema.

Rabi: Ashe kalmar ɓarnar ya kamata ta nuna, ba sauri ba. "Hawan jini mai taɓa gaɓoɓi"?

Malam Sule: A'a, kina cewa gaɓoɓi mutane gwiwa da gwiwar hannu za su duba, su ɗauka sanyin ƙashi kike nufi. "Mai ɓarna" ta fi fita.

Auwalu: Ni dai ku gaya min maganin da ke sauke shi nan take. Babanmu in ya ga 190 sai ya ƙara ƙwaya biyu, wani ma ya ce a sa masa nifedifin ƙarƙashin harshe.

Dakta Binta: Auwalu, ka kauce daga zancen, amma don Allah ka hana Baba. Jikin da ya saba da jini a sama, in aka faɗo da shi lokaci guda, jini yana gaza isa ƙwaƙwalwa da zuciya, maganin ya jawo shanyewar da ake gudu. Ko a asibiti, da allura ta jijiya irin labetalol, a yawancin imajansi ba ma sauke fiye da kashi 25 cikin 100 a awar farko.

Rabi, ga abin da za ki sa ƙarƙashin "mai ɓarna": ciwon ƙirji, numfashi sama-sama musamman in an kwanta, mutuwar ɓarin jiki ko karkacewar baki, harɗewar magana, gani ya dushe, ruɗewa ko jijjiga, ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, da ciwo kamar ana tsaga ƙirji yana ratsawa baya. Ko guda ɗaya ya isa, kuma kada mai ciwon ya tuƙa kansa. Mai ciki da mai jego ki ware musu layi: su daga 160/110 asibiti ne kai tsaye, ko ba sa jin komai.

Hajiya Ladi: Likita, ciwon kan nan ne ke ɗaure min kai. Ni kullum jinina ya hau sai ƙeyata ta yi nauyi. Kullum zan kwasa asibiti ke nan?

Dakta Binta: Hajiya, wannan ko mu muna gardama a kai. Nauyin ƙeyar da kika saba da shi, shi kaɗai, galibi ba ɓarna ba ne; wani lokaci ma ciwon ne ke ɗaga lambar. Amma in ya bambanta da na kullum, ko ya zo da amai, dishi-dishi ko ruɗewa, ki tafi. In kina kokwanto ma ki tafi, domin lahanin ƙoda da na bayan ido sai gwaji ke nuna su.

Rabi: To "mai ɓarna" ta zauna. Na ɗayan fa? Ina son "hawan jinin gargaɗi".

Malam Sule: Ina tsoronta. Mai jin gargaɗi sai ya ce akwai sauran lokaci, ya bari sai wata mai zuwa. Na tsaya kan "mai tsanani".

Hajiya Ladi: Ni kuwa in aka ce min mai tsanani, tashin hankalin kaɗai ya ƙara min lamba ashirin.

Rabi: Zan buga kwafi biyu, ɗaya da kowace kalma, da "ga likita yau" a ƙarƙashi, in ba mutum goma su karanta su gaya min abin da za su yi in sun ga 190.