Taƙaitawa: neman lafazin kalma a rubutun boko

An tattauna yadda za a nemi mai taimako ya rubuto lafazin kalmar wani harshe a rubutun boko. Ga abin da aka tattara, da misalin kalmar godiya ta Rashanci, спасибо.

1. Kowa ya yarda a kawo kalmar da ainihin rubutunta, a faɗi harshenta, a sa ta cikin jimla, domin wata kalmar lafazinta na sauyawa da ma'ana.

2. Inda aka fi daɗewa: gaya wa mai taimako da wace ƙa'idar karatu za ka karanta amsarsa. Wanda ya saba da Turanci zai rubuto spa-SEE-ba, yana nufin dogon "i". Bahaushe kuwa "e" zai ja, ya ce "see", kalma ta lalace. A boko spa-SII-ba ya kamata. Haka "oo" ɗinsu dogon "u" ne, "ch" ɗinsu kuma "c" ɗinmu.

3. A nemi lafazi, kada a tsaya ga musanya harafi da harafi. Harafin ƙarshe na спасибо "o" ne a rubuce, amma da yake nauyin murya bai sauka kansa ba, kusan "a" ake ji. Shi ya sa ake raba gaɓoɓi, a rubuta mai nauyin da manyan baƙaƙe.

4. Nan aka rabu. Wasu sun ce boko ya wadatar. Wasu suka ce bai bambanta "p" da "f" a bakinmu ba, kuma harshe kan cusa wasali tsakanin "s" da "p", a ji "sufasiba". Su sun fi son alamomin IPA, wato haruffan rubuta sauti na ƙasa da ƙasa, ko da yake sai an koye su tukuna. Dukkansu dai sun ce a roƙi sautin murya a hankali, a gwada da rubutun.