Makaruhi: "abin ƙi" za mu ce ko "bari ya fi"?

Malama Rabi, Tudun Wada: Salamu alaikum malamai. Ana shirya wa yaran Islamiyya takardar hukunce-hukuncen shari'a biyar da Hausa zalla. Wajibi an sa "dole", haramun an sa "an hana", mustahabbi "abin so". Makaruhi ne ya tsaya mana. An sa "abin ƙi", sai yara suka ɗauka duk ɗaya ne da haramun. Wace kalma ta fi?

Auwalu: Wa alaikumus salam. Ai yaran ba su yi nisa da gaskiya ba, Malama. Makaruhi ƙaramin haramun ne. Ku sa "ba kyau" kawai.

Malam Shehu, Ƙofar Doka: A'a, Auwalu. Idan aka ce ƙaramin haramun an ɗora wa mutum zunubi ke nan, alhali wanda ya aikata makaruhi ba shi da zunubi. Wanda ya bar shi don bin shari'a kuma yana da lada. Mu gwada da alwala. Wanke hannu zuwa gwiwar hannu sau ɗaya, ruwa ya game ko'ina, farilla ne. Wanki na biyu da na uku mustahabbi ne, wanda ya tsaya a ɗaya alwalarsa ta yi. Na huɗu shi ne aka karhanta, ko da yake akwai malamanmu na Malikiyya da suka ce hana shi aka yi. To wanda ya ƙara na huɗun, alwalarsa ba ta ɓaci ba, sallarsa ta inganta. Amma a lura: in ya zuba ruwa sau uku, sai ya ga lam'a a gwiwar hannu, wurin a bushe, to wanke wurin ba ƙari ba ne, farillar ce bai cika ba tun farko. Ana fara ƙirga ne daga wankin da ya game gaɓa. "Ba kyau" ba za ta iya raba waɗannan ba, domin ita muke faɗa wa mai sata, ita kuma muke faɗa wa mai ɓarnar ruwan buta.

Alhaji Garba: Allah ya gafarta Malam, to ciniki bayan kiran sallar Juma'a fa? Mu a kasuwar Sabon Gari "ba kyau" muke ji ana cewa, shi ya sa na ɗauka makaruhi ne. Wani sa'in mai saye na tsaye, sai in sallame shi in ruga masallaci.

Malam Shehu: Ka ga illar kalmar ke nan, Alhaji. Wannan haramun ne, nassin yana cikin Suratul Jumu'a aya ta 9. Daga kiran da ake yi liman na kan mumbari har a idar da salla, ga wanda Juma'a ta wajaba a kansa. A Malikiyya ma warware cinikin ake yi.

Hajiya Binta, Samaru: Ni dai ina ganin a bar "abin ƙi". Da ita malaman zaure suke fassarawa tun kaka da kakanni, kuma ta yi daidai da asalin kalmar a Larabci. "Abin ƙyama" ce ban yarda da ita ba, ta yi nauyi, sai ka ce mushe ake nufi.

Malam Shehu: Gaskiyarki a kan ƙyama, Hajiya. Amma tunda yara ake nufi, ni "bari ya fi" zan zaɓa, a sa mustahabbi ya zama "yi ya fi". Yaro na jin su ya san akwai zaɓi, ya kuma san gefen da lada yake. Mubahi kuma "ganin dama", kamar mutum ya karya da koko ko da shayi. Kada a sa masa "halal", saboda halal ya fi shi faɗi, duk abin da ba haramun ba ne yana cikinsa.

Malama Rabi: "Yi ya fi" za ta ɗauki sunna ma, Malam?

Malam Shehu: Nan ne ta gaza. A salla, wanda ya manta sura bayan Fatiha ya bar sunna mai ƙarfi, ƙabli ya kama shi. Wanda ya manta alƙunutu a Asuba ya bar mustahabbi, babu sujada a kansa, in ma ya yi ƙabli dominsa sallar ta ɓaci. Kalma ɗaya ba za ta nuna wannan ba, sai dai a ware wa sunna layinta da sunanta.

Hajiya Binta: To kun gani. Kuma "bari ya fi" jimla ce, ba suna ba. Yaya za a ce makaruhan alwala? "Bari ya fi na alwala"?

Malama Rabi: Wannan kam ya kama ni. Bari mu rubuta "makaruhi" a sama, "bari ya fi" a ƙarƙashinsa, mu ga yadda 'yan aji uku za su ɗauke shi ranar Asabar.