Rubutun da aka kwaso daga intanet ya hargitsa mini haruffa: yaya kuka gyara naku?

Nana Asma'u, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum. Ina rubuta babi na biyu na kundin kammala digiri a Microsoft Word, kuma ƙa'idar sashenmu ita ce a yi amfani da Times New Roman lamba 12, a bar tazara biyu tsakanin layuka. Na kwaso wasu maganganun masana daga shafukan intanet domin in kafa hujja da su, sai babin ya zama wani sakin layi da manyan haruffa, wani da ƙanana, wani kuma da inuwa mai ruwan toka a bayansa. Idan na zaɓi babin duka, akwatin da ke nuna sunan haruffa da na lamba sai su koma wayam, babu komai a ciki. Na taɓa wani wuri na ga lamba 10.5, wani wurin 13.5, alhali ban taɓa zaɓar waɗannan lambobi da hannuna ba. Ina roƙon wanda ya taɓa fama da irin wannan ya faɗa mana yadda ya yi.

Bashar, mai shagon buga takardu a Mabera:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, wannan kullum sai an kawo mana irinsa a shago, musamman idan lokacin miƙa kundi ya matso. Ki danna Ctrl+A, ki zaɓi Times New Roman, ki sa 12, shi ke nan. Akwatin da kika ga ya koma wayam ba lalacewa ya yi ba, yana gaya miki ne cewa abin da kika zaɓa ya haɗa nau'in haruffa fiye da ɗaya.

Malam Umaru, Arkilla:
Bayanin da Bashar ya yi game da akwatin daidai ne, amma maganin da ya bayar na ɗan lokaci ne, domin kamar shafa sabon fenti ne a kan bangon da ba a kankare tsohon ba. A cikin Word kowane sakin layi yana da salon da yake zaune a kai, wanda galibi shi ne Normal, sannan akwai kwalliyar da ake ɗora wa rubutu kai tsaye a saman wannan salon, kuma duk inda suka saɓa, ta saman ce ke rinjaye. Rubutun da aka kwaso daga intanet yana zuwa da tasa kwalliyar a manne, wato nau'in haruffa, girma, launi, inuwa da tazara. Lambobin da suka ba ki mamaki ma daga can suke, saboda shafukan intanet da fiksel suke auna haruffa, kuma fiksel 14 shi ne lamba 10.5 a Word, fiksel 18 kuma 13.5. Idan kika bi hanyar Bashar, haruffan za su daidaita a ido, amma inuwar da tazarar suna nan, kanun babi za su ƙanƙance su koma 12, kuma duk ranar da kika liƙa wani abu da rubutunsa zalla, ko kika share kwalliyar wani wuri, tsohon nau'in haruffan Normal da lambarsa za su iya sake ɓullowa, tun da shi ne a ƙasa.

Abin da nake yi shi ne in fara ajiye kwafin fayil ɗin da wani suna, sannan in gyara tushen kafin in taɓa rubutun. A ƙarƙashin Home, ki danna Normal da maɓallin dama na linzami, ki zaɓi Modify, ki sa Times New Roman da 12, sannan ki shiga Format, ki zaɓi Paragraph, ki mai da Line spacing ya zama Double. Bayan haka sai ki zaɓi sakin layin da ya hargitse ki danna Ctrl+Space, wanda ke share kwalliyar haruffa, sannan Ctrl+Q, wanda ke share ta sakin layi, kamar tazara da matsawa daga gefe da inuwar da ta rufe sakin layin gaba ɗaya. Mutane da yawa suna fara danna Ctrl+Space kafin su gyara Normal, sai su ga komai ya koma tsohon nau'in haruffan Normal, su ɗauka abin ya ƙara ɓaci, alhali ya nuna musu abin da ke ƙasa ne kawai. Kanun babi kuma suna da nasu salon, Heading 1 da Heading 2, kuma kowanne sai an yi masa Modify daban.

Hajiya Luba, sakatariya, Gawon Nama:
Ni dai tun da na fara aikin ofis, Notepad nake ratsawa da duk abin da na kwaso. In liƙa shi can, in sake kwasowa, sai ya zo fes babu ko ɗigon kwalliya. Ban taɓa ganin ya ba ni kunya ba.

Malam Umaru, Arkilla:
Hajiya, hanyarki tana aiki ga abin da ba a riga an liƙa ba, kuma Word ma yana da irinta a cikinsa: idan aka danna maɓallin dama za a ga Keep Text Only a cikin zaɓin liƙawa. Wanda yake son ya zama haka kullum sai ya shiga File, Options, Advanced, ya nemi Pasting from other programs ya sauya shi. Amma babin Nana ya riga ya haɗu da nata rubutun, kuma idan ta ratsa da shi ta Notepad za ta rasa jadawali da bayanan ƙasan shafi da duk kalmar da ta karkatar.

Nana Asma'u, Runjin Sambo:
Allah ya saka da alheri, Malam. Na gyara Normal kamar yadda ka ce, na gwada a shafi ɗaya, kuma inuwar ta tafi. Sai dai abubuwa biyu sun faru. Sunayen littattafan da na karkatar duk sun miƙe, kuma akwai sakin layi uku da har yanzu tazararsu ba ta yi daidai da ta sauran ba, duk da na danna Ctrl+Q a kansu.

Malam Umaru, Arkilla:
Ki sa alamar rubutu a cikin ɗaya daga cikin ukun ki danna Shift+F1. Wani fage zai buɗe a gefen dama mai suna Reveal Formatting, kuma idan kika sa alama a Distinguish style source da ke ƙasansa, zai raba miki abin da ya fito daga salo da abin da aka ɗora kai tsaye. Ina kyautata zaton za ki ga salon ba Normal ba ne, Normal (Web) ne, wanda Word kan ba rubutun da ya zo daga intanet. Ctrl+Q ya yi aikinsa, ya mai da su kan salonsu, sai dai salon ne ba wanda kike so ba, don haka ki zaɓe su ki danna Ctrl+Shift+N su koma Normal.

Maganar kalmomin da suka miƙe kuwa, Ctrl+Space bai san bambanci tsakanin kwalliyar da kika yi da gangan da wadda ta biyo rubutu ba, amma akwai abu ɗaya da ba ya sharewa, shi ne launin Highlight, kuma da wannan ake yi masa dabara. Kafin ki danna Ctrl+Space a sauran babin, ki fara zaɓar ruwan ɗorawa a alƙalamin Highlight, sannan ki danna Ctrl+H. A akwatin Find what kada ki rubuta komai, ki danna Ctrl+I kawai, za ki ga Font: Italic ya bayyana a ƙasansa. A akwatin Replace with ki rubuta wannan:

```
^&
```

sannan ki danna More, ki shiga Format, ki zaɓi Highlight, ki danna Replace All. Yanzu duk kalmar da ke karkace ta samu launi, sai ki yi shararki hankali kwance. Idan kin gama sai ki juya aikin: ki share sharuɗɗan farko da No Formatting, ki nemi Highlight, ki musanya da Italic, a ƙarshe ki zaɓi babin ki cire launin. Ki kuma lura da ƙananan lambobin bayanan ƙasan shafi, domin Ctrl+Space yana sauko da su kan layi su zama manya, shi ya sa ban so a yi shi da Ctrl+A a babin da ke da su.

Sanusi, Dundaye:
Ni ma haruffana suna canzawa. Idan na kai fayil shago a filashi, shafi arba'in sai ya koma arba'in da uku, kanun babi su gangaro tsakiyar shafi. Ctrl+Space zai gyara wannan?

Bashar, mai shagon buga takardu a Mabera:
Taka matsalar daban ce, Sanusi. Nau'in haruffan da ka yi amfani da shi babu shi a kwamfutar shagon, sai ta musanya shi da wani mai faɗi daban. Ka mai da fayil ɗin PDF tun a gida kafin ka kawo. Game da maganar Malam Umaru kuma, ban musa ba, amma wanda ya zo da wasiƙa mai shafi ɗaya, ga mutane a layi ga janareta yana shan mai, ba zan tsaya gyaran Normal ba. Kundi ne ya cancanci wannan wahalar.

Malama Saratu, mai koyar da Hausa, Ƙofar Atiku:
Ina so in ƙara abin da ya shafi masu rubutu da Hausa da Larabci, domin a garin nan da wuya ka ga kundi a fanninmu babu aya ko baitin waƙa a ciki. Na taɓa shirya takardar jarrabawa da wani nau'in haruffa na ado, sai na ga duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suka fito, harafin ya fi maƙwabtansa kauri, kamar an ɗauko shi daga wani littafi. Na share kwalliya har na gaji bai sauya ba, saboda nau'in da na zaɓa ba shi da haruffa masu lanƙwasa, Word yana aro su ne daga wani wuri. Da na koma Times New Roman sai suka daidaita.

Larabcin ya fi wannan wuya. Baitocin da na kwaso suna tafiya daga dama zuwa hagu, kuma wannan ma kwalliya ce ta kai tsaye, don haka da na danna Ctrl+Q sai suka koma gefen hagu, Ctrl+Space kuma ya ƙanƙantar da su har wasulla suka cunkushe. Abin da na yi daga baya shi ne na ƙirƙiri salo na musamman na sa masa suna Larabci, na saita masa alƙibla daga dama, na ba shi Traditional Arabic lamba 16 a sashen Complex scripts na akwatin Font, na ɗora shi a kan kowane baiti. Tun daga nan ko na yi shara, baitocin kan nasu salon suke komawa. Sashen Complex scripts ɗin ba ya fitowa sai an ƙara Larabci cikin harsunan da Word ke aiki da su.

Nana Asma'u, Runjin Sambo:
Malam, zatonka ya tabbata, Normal (Web) ne, kuma dabarar launin ta tsare mini sunayen littattafan da ke sauran babin. Saura wuri ɗaya. Akwai wata doguwar magana da layukanta ke yankewa kafin su kai ƙarshen shafi, kuma da na danna Ctrl+Shift+8 sai na ga wata ƙaramar kibiya mai lanƙwasa a ƙarshen kowane layi, ga kuma ƙananan da'irori a tsakanin wasu kalmomi.

Malam Umaru, Arkilla:
Waɗannan ba kwalliya ba ne, haruffa ne ɓoyayyu, shi ya sa shara ba ta ɗauke su ba. Ki zaɓi wannan maganar kaɗai, ki danna Ctrl+H, ki tabbata kin danna No Formatting a akwatunan biyu, ki nemi ^l ki musanya da gurbi ɗaya na Spacebar, sannan ki nemi ^s ki yi masa haka. Idan ya tambaye ki ko ya ci gaba da sauran fayil ɗin, ki ce a'a, domin baitocin waƙa da adireshi sukan dogara da irin wannan kibiyar.

Hajiya Luba, sakatariya, Gawon Nama:
Ni har yanzu ban gamsu da sauya Pasting from other programs ɗin ba, domin jadawalin da nake kwasowa daga Excel zai zo a warwatse babu layuka. Malama Saratu, salon Larabcin nan da kika yi, yana bin fayil ɗin idan aka buɗe shi a waya, ko sai a kwamfuta?