SPSS ya rubuto min gargaɗi ƙarƙashin tabulo na ki-de, wa ya taɓa cin karo da wannan?

'Yar Wadata:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman wanda abin nan ya taɓa faruwa da shi. A darasin binciken kasuwa an ce kowa ya yi anketi ya gwada ko abu biyu suna da alaƙa da gwajin ki-de, ni na ɗauki shinkafa, na tambayi mutum 120 a nan Yamai inda suka fi saye da kuma irin wadda suka fi saye, ta gida ko ta waje. Masu sayen kasuwa 70 ne, 40 ta gida 30 ta waje. Masu butik na kartiye 42, 14 ta gida 28 ta waje. Masu sifamarshe 8 kawai na samu, 1 ta gida 7 ta waje. Ki-de ya fito 9,83, ddl 2, p kuma 0,007, har na fara murna sai na ga wani ɗan rubutu a ƙasa:

```
2 cellules (33,3%) ont un effectif théorique inférieur à 5. L'effectif théorique minimum est de 3,67.
```

To shin aikin ya lalace ke nan ko in rufe ido in miƙa haka nan? Ran litinin ake karɓa.

Ɗan Tawa:
Wa alaikum salam. Ai matsalar a fili take, wannan mutum 1 ɗin nan ne mai sayen ta gida a sifamarshe, doka ta ce kada a samu ƙasa da 5 a kowane ɗakin tabulo. Ni bara da ta same ni share layin gaba ɗaya na yi, gargaɗin ya ɓace, aka wuce wurin. Ki cire mutum 8 ɗin ki huta.

Tsohon ɗalibi:
Ƙanena ka kusa amma ba 1 ɗin ake magana ba. Duba da kyau, ɗaki biyu ya ce, alhali a lambobin da ta ƙirga ɗaki ɗaya ne kawai ke ƙasa da 5, tunda ɗayan 7 ne. Abin da yake dubawa shi ne adadin da ya kamata a samu a kowane ɗaki da a ce wurin saye da irin shinkafa babu ruwan wani da wani. Ga yadda ake fidda shi ƙanwata, ki ɗauki biro ki bi ni. Cikin mutanenki 120, 55 ne ke sayen ta gida, 65 ta waje. In babu alaƙa, to mutum 8 na sifamarshe su ma haka za su rabu, wato 8 sau 55 a raba da 120 ya ba da 3,67, shi ne lambar nan da kika gani a gargaɗin, sannan 8 sau 65 a raba da 120 ya ba da 4,33. Su ne ɗakuna biyun. Na kasuwa 32,08 da 37,92, na butik 19,25 da 22,75, waɗannan lafiya lau suke.

Dalilin da ya sa ake damuwa kuwa, a kowane ɗaki ana ɗaukar tazarar da ke tsakanin abin da kika gani da abin da ake tsammani, a ninka ta da kanta, sai a raba da abin da ake tsammanin. In abin da ake rabawa da shi ƙarami ne, mutum ɗaya ko biyu sai su girgiza lissafin duka. A naki, mutum 8 ɗin nan su kaɗai sun kawo kusan 3,58 cikin 9,83, sun fi kashi ɗaya cikin uku ke nan. Kuma p ɗin da inji yake bayarwa kintace ne da ke zama daidai in ɗakunan na da mutane isassu. Ƙa'idar da aka fi bi ta Cochran ce ta 1954, kada ɗakunan da ke ƙasa da 5 su wuce kashi 20 cikin ɗari, kuma kada ko ɗaya ya yi ƙasa da 1. Ke naki 2 cikin 6 ne, kin tsallake iyakar farko, ta biyun ba ki taɓa ta ba. Share mutane kuwa ban ba ki shawara ba, sun ba ki lokacinsu sun amsa, kuma in malam ya ga 120 a farkon rahoto 112 a tabulo dole ya tambaya ina sauran.

Mai anketi:
Ni tawa ta fi taku muni, bari in faɗa don kada wani ya maimaita. Da Excel na yi tawa, kuma shi Excel ba ya ma gargaɗin komai, ka ba shi ko mi zai ba ka amsa. Maimakon in sa adadin mutane sai na sa kashi cikin ɗari na kowane layi don na ga ya fi kyan gani, ashe na mai da kowane layi tamkar mutum 100 ne, layin da ke da mutum goma sha wani abu ya koma 100, ki-de ya haura sama sosai ina ta jin daɗi. Na biyu kuma wannan:

```
=TEST.KHIDEUX(B2:C4;F2:G4)
```

abin da yake bayarwa p ne, ba ki-de ɗin kansa ba, ni kuwa na rubuta shi a matsayin ki-de na je ina gwada shi da 5,99 na teburin bayan littafi. Sai a gaban aji aka nuna min, wallahi ranar ban ci abincin dare ba. Daga nan duk tabulo da zan yi sai na haɗa jimilla na ga ta yi daidai da yawan takardun da na tara a hannu.

Ɗan Tawa:
To na ji, na karɓi gyara yaya. Amma in ƙarancin mutane ne matsalar mi zai hana ta kwafe amsoshin sau biyu su zama 240, ai rabon bai canza ba, 3,67 ya koma 7 da wani abu.

Tsohon ɗalibi:
A'a wannan kam kada a yi. Rabon bai canza ba amma ki-de zai ninka daidai sau biyu, 9,83 ya zama 19,66, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya sabo ba. Ƙirƙirar shaida ce kawai. Gwajin ya ginu a kan kowane mutum sau ɗaya aka ƙirga shi, a ɗaki ɗaya.

Maman 'yan biyu:
Wannan magana ta sau ɗaya ita ta kama ni, kuma ba da gangan ba. Nawa a kan madara ne, na tambayi mata ina suke saye na ce kowa za ta iya zaɓar fiye da ɗaya, to kun san mu, mace za ta ce farkon wata kasuwa take zuwa in kuɗi sun ja baya ta koma butik ta karɓi bashi, duka biyun gaskiya ne. Da na haɗa tabulo sai jimilla ta fi yawan matan da na tambaya nesa ba kusa ba. Ƙarshe sai da na mai da kowane wuri tambaya mai zaman kanta, tana sayen kasuwa i ko a'a, tana sayen butik i ko a'a, na yi gwaji daban daban. 'Yar Wadata ki tabbata ke ma ba haka taki take ba tun kafin ki wahala da gargaɗi.

'Yar Wadata:
A'a anti, inda suka FI saye na tambaya, amsa ɗaya ce, kuma 70 da 42 da 8 sun ba ni 120 cif. Yaya Tsohon ɗalibi to mi zan yi yanzu?

Tsohon ɗalibi:
Hanya mafi kyau ki koma ki ƙaro masu sifamarshe, in suka kai mutum 12 gaba ɗaya sun isa su fid da ɗakunan biyu sama da 5, amma ki san in kika je ƙofar sifamarshe kika tsaya kina neman su da gangan to kin canza yadda kika zaɓi mutane, sai kin faɗa a rahoto. In lokaci ya ƙure sai ki haɗa butik da sifamarshe su zama layi ɗaya, masu sayen shago. Sai ya zama kasuwa 40 da 30, shago 15 da 35. Na lissafa miki, abin da ake tsammani a layin shago 22,92 da 27,08, babu sauran ƙaramin ɗaki, ki-de ya zama 8,66, ddl ya sauko 1, iyakar da za a wuce 3,84 ce, p kusan 0,003. Wato hukuncin bai canza ba, kuma wannan shi ne abin da zai kwantar miki da hankali. Ki sa tabulo biyun duka ki bayyana dalilin haɗawar. Kuma kada ki tsaya a akwai alaƙa kawai, mai karanta binciken kasuwa so yake ya ji ta ina, ki rubuta cewa kashi 57 cikin ɗari na masu sayen kasuwa ta gida suke ɗauka, a shago kuwa kashi 30 ne. V na Cramer kuma kusan 0,27 yake, alaƙar tana nan amma ba mai ƙarfi can ba ce.

Ɗiyar 'yan kasuwa:
Ni lissafin ban ƙi ba amma haɗin nan bai kwanta min ba. Gidanmu sayar da hatsi ake yi, na san masu sayen nan. Wadda ke aiken yaro butik ya sayo kilo ɗaya da magariba, da wanda ke faka mota ya shiga sifamarshe ya ɗauko mai ƙamshi a leda, in ban da rufin kwano mi ya haɗa su? In aka sa su layi ɗaya lambar ta gyaru amma ma'anar ta dagule. Sannan abu na biyu, a butik ɗin kartiyenmu ni ban cika ganin ta gida ba ma, to in mutum ya ce ta waje yake saye a butik, zaɓinsa ne ko ita ya tarar? Ki-de ba zai gaya miki wannan ba, kada ki rubuta cewa wurin saye ne ke sa mutum son wata iri.

Tsohon ɗalibi:
Maganarki ta biyu gaskiya ce ɗari bisa ɗari. Ta farkon ma kina da hujja, ni abin da na duba shi ne duka biyun ba a ciniki a cikinsu kuma duka sun karkata ga ta waje, amma na yarda mai kuɗi da mai sayen kilo ba ɗaya ba ne. In ba ta son haɗawa akwai gwajin Fisher, shi ba ya dogara da kintacen nan don haka ƙananan ɗakuna ba su dame shi. SPSS yana bayar da shi da kansa a tabulo mai layi biyu da shafi biyu, na layi uku sai in naki yana da maɓallin Exact, in babu ga shi a R, wata manhajar lissafi:

```
fisher.test(matrix(c(40,14,1,30,28,7), nrow=3))
```

Ɗan Tawa:
Mu malaminmu bai koya mana Fisher ba fa, ina tsoron in ta sa a ce ta fita daga darasi.

'Yar Wadata:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na duba nawa babu Exact ɗin, kuma ban taɓa buɗe R ba. Yanzu dai zan sa na layi uku da gargaɗinsa yadda yake, in sa na haɗin a ƙasa, in ƙara maganar anti Ɗiyar 'yan kasuwa cewa wataƙila ta gida ba ta isa butik ba ne, don gaskiya ban tambayi masu butik abin da suke ajiyewa ba. Gobe da safe zan zagaya butik biyar ko shida a Wadata in gani da idona. Akwai mai R a ordinata da zai buga min layin nan kafin lahadi?