Goyo ya isa kare kwatangwalon jariri?

Maman Ilham: An ce in kai 'yata sikanin kwatangwalo idan ta cika sati 6, wai don ta zo a zaune. Surukata ta ce ɓarnar kuɗi ne, yaron da ake goyawa ƙashinsa ba ya gocewa. Gaskiya ne?

Hajiya Babba: Gaskiyarta, 'yata. Tara na goya, babu mai ɗingishi.

Sista Rabi: Hajiya, kina da rabin gaskiya. Goyo yana buɗe cinyoyi kamar zaman kwaɗo, kan ƙashin cinya ya zauna daram a gurbinsa. Shi ya sa abin bai yawaita a wajenmu ba kamar inda ake naɗe jariri ƙafafu a miƙe. Amma wani da matsalar ake haifarsa, musamman mace, 'yar fari, wadda ta zo a zaune.

Baban Sadik: To ba sai a kai ta wajen mai ɗori ba? Targaɗe ne ai, ungozoma ce ta ja ƙafar.

Likita Bala: Don Allah Malam, kada a kai. Ba jan kowa ba ne, gurbin ne bai yi zurfi ba, kuma ba ya ciwo, shi ya sa yake ɓuya. Mukan kwantar da jaririya rigingine, mu lanƙwasa gwiwoyinta, mu haɗa cinyar ciki mu ɗan danna baya. In kan ƙashin ya sulluɓe, gwajin Barlow ke nan. Sai mu buɗe cinyar waje muna ɗago ta da yatsa, in ya koma gurbi za ka ji ya faɗa ƙarƙashin hannunka, wannan Ortolani. Bayan wata 3 alamar takan ɓace, sai dai uwa ta lura cinya ɗaya ba ta buɗewa sosai wajen sa kunzugu.

Maman Ilham: Likita, an yi mata wannan ranar haihuwa, aka ce lafiya lau.

Likita Bala: Hannu yana gano wanda ke fita ne, ba ya ganin gurbi marar zurfi. Sikanin ke auna kusurwar gurbin, digiri 60 zuwa sama lafiya. Ana jira sati 6 ne saboda sakin gaɓa na kwanakin farko yakan gyaru da kansa. In an samu matsala kafin wata 6, ɗamarar Pavlik ake sa mata, ta riƙe cinyoyi a naɗe kuma a buɗe, dare da rana, sati 6 zuwa 12. In ta daina wutsil-wutsil da ƙafa ɗaya, jijiya ta matsu, a dawo da ita ranar. In sati 3 zuwa 4 suka wuce ƙashin bai koma ba, cirewa ake yi. Wanda ba a gano ba sai da ya fara tafiya, yawanci sai tiyata.

Hajiya Babba: To ai ɗamarar nan goyo ce da bature ya ɗinka.

Sista Rabi: Zaman ya yi kama, Hajiya, amma majanyi ana kwance shi da dare. Ni abin da ke damuna, wadda ta haihu a gida, wa zai taɓa kwatangwalon ɗanta?

Maman Ilham: Zan kai ta ranar Litinin in sha Allah. Goyon ma ba zan fasa ba.