An kira ni zaman bincike ranar Laraba, takardar ta ce in zo da wani

Mai tsaron sito, Jidda:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, tun Lahadi ban runtsa ba. Shekarata bakwai ina tsaron sito a wani kamfani a Khumra, ban taɓa samun ko inzari ɗaya na gargaɗi ba, har lokacin korona ni kaɗai nake kwana a wurin, mahaifiyata ta rasu ban je gida ba. Yanzu sun miƙo min takarda da Turanci, wai in bayyana ranar Laraba ƙarfe goma saboda katan 14 na batir da suka ɓace a lissafi, kuma abin zai iya kai wa ga kora. Takardar ta ce ina da damar zuwa da abokin aiki ɗaya ko wakilin ƙungiya, ta ce an haɗo min hujjojin da za a yi amfani da su. Wallahi falle ɗaya aka ba ni, babu komai a bayanta. Ni dai ina tunanin in rubuta istiƙala, wato takardar ajiye aiki, kafin Laraba in tsira da mutuncina.

Hajiya ta Shara Mansur:

Wa alaikumus salam. Innalillahi. Ɗana ka yi ta Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Amma su wa suka ɗauki batir ɗin, ka sani?

Direban tirela:

Malam kar ka je. Ni da aka yi min irin wannan, ina shiga suka turo min takarda da Larabci, suka ce sa hannu shaida ce kawai ta cewa na halarta. Ashe amsa laifi na yi. Albashin wata biyu da rabi ban gan shi ba har yau, motar ma ba ni na buga ta ba, a tsaye take wani ya zo ya same ta ta baya. Duk wanda ya kira ka bincike ya riga ya gama yanke hukunci.

Tsohon mu'aƙƙib:

Direba, Allah ya saka maka, amma shawararka za ta kashe shi. In bai je ba sai su rubuta cewa an gayyace shi ya ƙi zuwa, su ci gaba babu bakinsa a ciki. Abin da ya cuce ka sa hannu ne ba karatu, ba zuwan ba.

Mai sito, ajiye biron istiƙalar nan tukuna mu yi lissafi. Nawa ne albashinka? Bari in ɗauka riyal 3,000 ne. Haƙƙin ƙarshen aiki a mada ta 84, wato sashe na 84 na nizamin aiki na Saudiyya, rabin wata ne a kowace shekara ta biyar ɗin farko, sannan wata guda cur a kowace shekarar da ta biyo. Biyar ɗin farko 7,500, biyun da suka biyo 6,000, jimla 13,500. In ka ajiye da kanka tsakanin shekara biyar da goma, mada ta 85 ta ce biyu bisa uku za ka samu, wato 9,000. Ka yafe musu 4,500 ke nan tun ba su tabbatar da komai a kanka ba. Kuma kwantiraginmu na baƙi mai wa'adi ne, fita a tsakiyarsa yana da tasa rigimar. In kuwa suka kore ka da mada ta 80, ta rashin amana, sifiri ne, ba haƙƙi ba wa'adin sallama. To duk faɗan ranar Laraba a nan yake: kar su iya ɗora ka kan 80.

Doka a mada ta 71 ta ce ba a hukunta ma'aikaci sai an sanar da shi a rubuce abin da ake tuhumarsa, an yi masa tambayoyi, an saurari kariyarsa, an rubuta duka a mahalari, wato takardar bayanin zaman, an sa a fayil ɗinsa. Bincike da baki sai a ƙaramin laifi wanda hukuncinsa bai wuce gargaɗi ko yankan albashin kwana ɗaya ba. Naka ba ƙarami ba ne tunda sun ambaci kora. Wannan takardar da ta hana ka barci, matakin farko ne da doka ta tilasta musu.

Yau ɗin nan ka rubuta musu, ta imel don ranar ta fito, ba da baki a bakin ofis ba. Ka ce ka karɓi takarda ranar kaza, falle ɗaya, hujjojin da ta ambata ba sa ciki. Ka lissafa abin da kake so da suna: takardar ƙidayar da ta nuna giɓin, takardun fitar da kaya na batir tun daga ƙidayar baya, jerin masu riƙe da makullin, da hoton kyamara in suna da shi. Ka ce in ba su iso maka da kwana biyu kafin zaman ba, kana roƙon a ɗage. Ka faɗi sunan wanda za ka zo da shi. Ka nemi kwafin Larabci, domin a mada ta 9 Larabcin ne abin dogaro in an yi saɓani.

Tambaya ɗaya, kuma ita ce babba: yaushe aka gano giɓin?

Ɗalibi, Madina:

Zuwa da ɗan rakiya haƙƙinka ne a doka, babu mai hana ka. Yayana yana aiki a Birmingham, da aka kira shi wakilin ƙungiyarsu ya bi shi, har aka ɗage zaman saboda wakilin ba shi da lokaci. Doka ta ba ka kwana biyar na aiki. Kai ma ka ce lauyanka ba shi da lokaci.

Tsohon mu'aƙƙib:

Ƙanena, abin da ka faɗa gaskiya ne a Birtaniya. Dokarsu ce ta 1999, sashe na 10, abokin aiki ko wakilin ƙungiya, da ɗagewa har kwana biyar na aiki. Ko a can ɗin ba lauya ta ce ba. Nan kuwa nizamin aiki na Saudiyya bai rubuta ɗan rakiya a mada ta 71 ba, ƙungiyar ƙwadago ma babu. Da ka ji "wakilin ƙungiya" a takardar kamfanin Jidda, ka san daga wani wuri aka kwafo ta. Amma hakan bai sa ta zama banza ba. Su suka rubuta, su suka sa hannu, sai ya riƙe su da maganarsu. Kar dai ya shiga yana cewa doka ta ba ni, mai shu'unin ma'aikata zai ce nuna min madar, ya yi tsuru-tsuru. Ya ce takardarku ta ba ni. Ya kuma duba la'ihar kamfanin, wato kundin ƙa'idojinsa, wadda ya kamata a ce tana manne inda kowa ke gani, ya ga wane hukunci jadawalinta ya ajiye wa irin wannan laifin a karo na farko.

Mai tsaron sito:

Na gode Baba. Albashin 2,800 ne. Ƙidayar an yi ta ƙarshen wancan watan, ko farkon wanda ya wuce, ba ni na rubuta ba. Maganar ɗan rakiya kuwa gaskiya ba zan kai kowa ba. Bahaushe ɗaya ne a wurin kuma yaron garinmu ne, ni na samo masa aikin. Ya zauna yana ji ana ce min ɓarawo? Kafin Juma'a labari ya isa gida. Sauran kuma duk tsoron mudir suke.

Tsohon mu'aƙƙib:

"Ko farkon wanda ya wuce" ba amsa ba ce. Mada ta 69 ta hana a tuhumi ma'aikaci da laifin da aka fi kwana 30 da gano shi. In ƙidayar ta nuna giɓin kwana 40 kafin Lahadin nan kuma ba wanda ya tuhume ka a tsakani, kana da magana mai ƙarfi tun kafin a taɓa zancen batir. In kwana 25 ne, babu. Su kuma za su iya cewa ba ranar ƙidaya suka gano ba, sai ranar da akanta ya gama daidaita lissafi. Shi ya sa na ce ka nemi takardar, kwanan wata yana jikinta.

Ɗan rakiyar kuma ba lauyanka ba ne, ba sai ya buɗe baki ba. Aikinsa ya zauna da littafi ya rubuta wa ya tambayi me, me ka amsa, ƙarfe nawa aka tashi. Ranar da mahalari ya fito da abin da ba ka faɗa ba, shi ne mutum na biyu da ya ji. Kai kana cikin ruɗu, rabin abin da aka faɗa ba za ka tuna ba. Ka ɗauki ko Basudane ko ɗan Bangaladash, wanda dai ke karanta Larabci kuma hannunsa bai taɓa makullin ba.

Maman 'yan biyu:

Ni uwar ɗakina ta ce na ɗauki zobenta, ba takarda ba bincike, akwatina kawai ta zazzage a tsakar falo gaban yara. Bayan sati aka gan shi a jakarta, ko haƙuri ba ta ba ni ba. Ni ma mada ta 71 ɗin ta shafe ni?

Wata 'yar uwa a Riyad:

Maman 'yan biyu, mu masu aikin gida ba ma cikin wannan nizamin, tamu la'ihar daban ce. Ki kira 19911, lambar ma'aikatar ƙwadago, ki tambaya. Mai sito, ni a ganina ka bar rubuce-rubucen nan, ka sami dattijo ya je wurin mudir a sasanta, a cire kuɗin batir a albashinka a wuce wurin. Arziki ya kawo mu, ba shari'a ba.

Tsohon mu'aƙƙib:

Ya yarda a cire, ya amsa ke nan. Gobe su ce ga shi ya biya abin da ya ɗauka.

Mai tsaron sito:

Akwai abin da ban faɗa ba. Mushrif ɗinmu, mai kula da aikinmu, yakan aiko direba da yamma ya ce a ba shi kaya, takarda za ta biyo gobe. Haka muke yi tun da na zo, kowa ya sani. Sau biyu takardar batir ba ta biyo ba. Ban matsa ba don mutumin ya taimake ni lokacin sabunta iƙamata. Saƙonninsa na murya suna wayata. Amma ba zan tona shi ba, yana da iyali, kuma na tabbata zai yi magana da kansa ranar Laraba.

Direban tirela:

Hhhh. Zai yi magana. Nawa ma cewa ya yi zai yi.

Tsohon mu'aƙƙib:

Ikon Allah, sai yanzu? To ai wannan ita ce shari'ar gaba ɗaya. Ba da kaya babu takarda saɓa tsari ne, za a iya yi maka gargaɗi ko tara, kuma tarar laifi ɗaya ba ta wuce albashin kwana biyar a mada ta 70. Katan 14 da babu wanda ya san inda suka bi, sunansa sata. Saƙonnin nan su ne tsakaninka da mada ta 80. Ka tura su wata wayar yau, ka rubuta ranakunsu, ka haɗa da imel ɗin. Ka kuma duba takardar gayyatar, wa zai jagoranci zaman? In mushrif ɗin yana cikin masu tambaya, ka rubuta cewa ba ka yarda ba, shaida ne a maganar. In an gama, karanta mahalari layi-layi kafin ka sa hannu, abin da ba ka faɗa ba ka rubuta gyara kusa da sa hannunka, ka nemi kwafi. Ba takardar da za ka sa wa hannu a kan cewa ka karɓi duk haƙƙoƙinka.

Hajiya ta Shara Mansur:

Amma dai rufin asiri yana da lada, Alhaji. Yaron nan ba ya son ya zama sanadin abincin wani.

Mai tsaron sito:

Na duba. Sunansa ne na biyu a cikin masu zaman. Na kira shi ɗazu ya ce in kwantar da hankalina, tsari ne kawai, kar in kawo kowa kar abin ya girma. Imel ɗin na rubuta rabi, ban tura ba. Bari in ga ko zai sake kira da daddare.

Ɗalibi, Madina:

Yau Litinin fa yaya.