Neman shawara: mai hoton da ke cikin labarina ya faɗa musu ko ya bar wa cikinsa?

Rukayya, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ina rubuta gajeren labari ne, na maƙale a tsakiya. Wani mai hoton biki a nan Jos, na sa masa suna Isuhu, ya ɗauki dangin amarya gaba ɗaya ranar yini. Da ya koma shago sai ya tarar kakar amarya ta rufe ido a hoton. Ba a rufa mako ba tsohuwar ta rasu, wannan ne hotonta na ƙarshe a tsakiyar 'ya'ya da jikoki, sai ya gyara fuskar a kwamfuta. Yaya ake irin wannan gyaran a zahiri? Sannan in sa shi ya faɗa wa dangin ko ya yi shiru?

Malam Sabo mai hoto, Dilimi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki yanke masa hukunci, ki fara sanin daga ina ya ɗauko fuskar, don labarin naki duk a nan ya rataya.

Babu mai hoton da ya san aikinsa da zai danna sau ɗaya a kan taron mutum talatin. Muna danna biyar zuwa goma a jere ba tare da mun gusa ba, saboda dole a samu mai ƙifta ido ko yaron da ya juya. Idan an koma shago sai a zaɓi mafi kyau, a ɗora masa na kusa da shi a Photoshop, a daidaita su da Auto-Align Layers, a rufe na saman da Layer Mask baƙi, sannan a bi idon nan kawai da farin buroshi har buɗaɗɗen ya fito. Aikin 'yan mintuna ne. Mutum ɗaya ne, wuri ɗaya, haske ɗaya, tsakaninsu daƙiƙa biyu. Wannan kusan kowane albam da kika taɓa riƙewa yana da shi, kuma ba mai zuwa ya ce wa uwar amarya na gyara idon wance. Idan irinsa Isuhu ya yi, ba shi da abin da zai hana shi barci, ke ma ba ki da labari.

Saboda haka ki hana shi wannan sauƙin. Ki sa bikin a watan Agusta, an jeru a tsakar gida bayan la'asar, hadari ya taso yadda kika san yana yi mana a garin nan ba sallama. Ya danna uku kacal ruwa ya sauko, aka watse. A biyu ta rufe ido, a ɗaya ta sunkuya tana gyara mayafi. Yanzu ba shi da inda zai samo fuskarta sai hotunan daren kamu, a cikin ɗaki, da filasha. To, nan ne aikin ya zama na kwana guda, nan ne kuma ya zama abin tambaya, don fuskar da zai ɗora ta wani dare ce daban.

Abubuwan da zai yi fama da su kuwa, ki nuna mana su a hannunsa. Hasken tsakar gida ƙarƙashin hadari daga sama yake zuwa, mai laushi, yana barin 'yar inuwa ƙarƙashin gira da haɓa. Filasha daga gaba take bugowa, ta shafe inuwar, ta sa goshi da karan hanci ƙyalli, ta bar ɗigon fari a tsakiyar ƙwayar ido. Duk sauran mutanen jerin ba su da wannan ɗigon. Sai ya rage shi, ya mayar da inuwar da hannu, ya huce launin fatar da ƙwan ɗaki ya ja zuwa rawaya. Kallabi kuma ba zai taɓa shi ba, na ankon ranar yini zai bari, fuskar kaɗai zai shigar daga gira zuwa haɓa.

Nazifi:
Ni a ganina Malam ya tsawaita abin. Da manhajojin yanzu wallahi ba wanda zai gane. Kullum ina yi wa mutane a waya, su sa a sitatus, ba a taɓa cewa uffan ba. Tunda ba za a gane ba, ya yi shiru kawai. Mutane suna cikin makoki, me zai sa ya je ya fama musu ciwo?

Malam Sabo mai hoto, Dilimi:
A waya ka yi gaskiya, Nazifi, don kan tsohuwar bai kai ƙwayar gyaɗa ba a fuskar wayar. Amma hoton dangi firem ake yi masa a kafa a falo. Kyamara mai megafiksel 24 faɗin hotonta ɗigo 6000 ne. Idan ka jera mutum talatin sahu uku, kowace fuska ba za ta wuce ɗigo ɗari biyu da 'yan kai ba. Hoton kamu kuwa daga kusa aka ɗauke shi, fuskar ta haura dubu. Kana rage ta za ta fito tar, ta fi ta amaryar da ke gefenta kaifi. Abin da ke tona asirin gyara ke nan: wurin da aka gyara ya fi ko'ina kyau. Dole Isuhu ya ɗan dusashe ta da gangan har ta yi daidai da na kusa da ita. Rukayya, ki rubuta wannan wurin, mutum yana zaune da dare yana rage wa mamaciya kyau don a yarda da ita.

Maman Iman, Rikkos:
Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. 'Yar uwa, ki ce wa wannan mai hoton ya ji tsoron Allah ya faɗa musu. Ni an yi mini. A bikin ƙanwata wani ya ɗauki mahaifiyarmu, da albam ya zo ya goge mata zanen fuskarta kaf, ya haskake ta, wai ya gyara. Zane uku-uku ne a kumatunta, da su muka tashi muka gan ta. Bayan rasuwarta jikokinta suka ce a nuna musu ita, na buɗe albam na rufe. Wannan ba Innata ba ce. Na koma wajensa ya ce ya riga ya share na asalin. Har yau idan na tuna sai na ji ƙirjina ya yi nauyi.

Rukayya, Unguwar Rogo:
Allah ya gafarta wa Inna, Maman Iman. Nawa ƙagaggen labari ne, ba a yi ba, amma maganarki ta tsaya mini a rai. Ban taɓa tunanin ko Isuhu zai ajiye na asalin ko zai share ba.

Malam Auwalu, Gangare:
Ni ta fuskar ciniki zan duba. A hadisin Muslim, Manzon Allah (SAW) ya wuce tarin abinci na sayarwa, ya sa hannu ya ji danshi a ƙasa. Mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani? Wanda ya yi ha'inci ba ya tare da ni. Isuhu an biya shi ne ya kawo abin da ya faru a tsakar gidan nan. Idan ya kawo wani abu daban, mai kuɗi yana da haƙƙin sani. Sai dai zan yarda cewa mai abincin ya ɓoye aibi ne don ribarsa, shi kuwa wannan tausayi ne ya sa shi. Ko kuwa tsoron a ce bai iya aiki ba ne? Ke marubuciya ke kika san zuciyarsa.

Anti Binta, Farin Gada:
Tambayar Malam Auwalu ta ƙarshe, Rukayya, kada ki amsa ta a labarin. Ki bar duka biyun a cikinsa. Yana tausayin mutanen nan da gaske, kuma ya san gidan babba ne, akwai sauran 'yan mata uku da ba a aurar ba, idan aka ce ya ɓata hoton Hajiya aikin ya wuce shi. Mai karatu ya fi yarda da mutumin da shi kansa bai tantance wanne ya fi ƙarfi a ransa ba.

Inda nake so ki gyara shi ne kalmar dangi. Kin ce ya faɗa wa dangin, to wa? Uban amarya da ya biya kuɗi, zai iya cewa madalla, Allah ya yi albarka, ya wuce masallaci, maganar ta mutu. Amarya tana ɗakinta, ita kanta take dubawa a hoton. Wadda abin zai taɓa ita ce 'yar da ta yi jinyar tsohuwar, wadda ta shirya ta da hannunta a ranakun biyu. Ki ba ta suna, ki ba ta abu ɗaya da ta sani wanda Isuhu bai sani ba. Misali daren kamu ta ranbaɗa wa tsohuwa kwalli, amma ranar yini idon ya tashi da ciwo, ba a sa ba. Isuhu ya daidaita haske, ya daidaita inuwa, ya rage kaifi, kwallin nan kuwa yana nan, don ba shi da hanyar sanin cewa bai kamata ya kasance ba. Ita kuma kallo ɗaya za ta yi.

Sannan ki yi amfani da lokaci. Ba a shiga gidan makoki da albam ɗin biki a hannu. Zai je gaisuwa ranar uku hannu rabbana, ya zauna a tabarma, ya ji ana cewa ai Allah ya sa an yi hoton nan. Albam sai bayan arba'in. Kin ga ya samu kwanaki masu yawa yana ɗauke da abin shi kaɗai.

Ni dai da nawa ne, ba zan sa ya faɗa ba, ba kuma zan sa ya tsira ba. 'Yar ta gane, ta dube shi, ta ce ya yi kyau.

Malam Sabo mai hoto, Dilimi:
Kwallin nan ya yi, Hajiya Binta, irin abin da ke kama mu ke nan. Amma a kan shirun ban bi ki ba. Akwai abin da kusan kullum yake biyo bayan rasuwa: za a zo shago a ce, cire mana ita kaɗai daga hoton dangi ka yi mana babba, kowane ɗa zai kafa a ɗakinsa. Fuskar ɗigo ɗari biyu da ya dusashe da hannunsa ba za ta ɗauki girman nan ba, za ta farfashe, layin haɗin ya fito a gefen kunne. Idan kuma ya ba su na kamu mai kyau, za su ajiye shi kusa da firem su ga murmushi ɗaya ne, karkatar kai ɗaya ce. Ko ta ina ya bi sai ya buɗe baki. Ni abin da nake yi, in wanke na asalin ƙarami in sa a ambulan, in miƙa tare da firem, in ce ga yadda aka ɗauka, ga yadda na gyara.

Maman Iman, Rikkos:
Da an ba ni na asalin, ko idonta a rufe ne, shi zan kafa.

Rukayya, Unguwar Rogo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na ɗauki hadarin Agusta, kwallin, da zuwa shago neman babban hoto. Ambulan ɗin ma zan sa ya shirya shi. Abin da ban yanke ba shi ne wa zai zo shagon, uban amarya ko 'yar.

Anti Binta, Farin Gada:
'Yar. Kuma ta zo da ƙaramin jikan da Hajiya ke goyo, don Isuhu ya rasa yadda zai yi maganar a gabansa. Idan kin rubuta wurin ki turo mu gani kafin ki ci gaba.